Akuyar Tabawa da Sabulun Marsai

Shekara biyu bayan samun 'yancin kai, Halidu yana da ɗan kanti a Kalley, cikin Yamai, da ɗaki guda a bayansa. Matarsa Balkisa ta sha gaya masa: "Malam, ranar da kayan kanti suka shigo ɗakin nan, gadonka zai fita waje."

Wata rana Tabawa mai wankau ta sayi sabulu fiye da yadda ta saba. Washegari ta dawo, jibi ma haka. Halidu bai tambayi dalili ba. Ya dubi kantarsa ta yi fili, ya ce a ransa, "Mutanen Yamai sun shiga tsabta."

Ya tafi Babbar Kasuwa wurin Alhaji Dauda mai sari, ya nemi kwali biyu maimakon ɗaya: guda na sayarwa, guda na ko-ta-kwana. Alhaji bai tanadi ƙari ba, sai ya ba shi ɗaya. Halidu ya ɗauki darasi: mai son biyu, huɗu zai ce. Ya koma ya ce huɗu. Sauran 'yan kanti suka ji sabulu na wuya, kowa ya ninka bakinsa.

Alhaji Dauda ya ga bukata ta hau, ya nemi ɗari a kamfani. Akawun kamfani ya san kaya kan yi watanni kafin su iso daga Marsai, can Faransa, ta tashar jirgin ruwan Kwatano, sai ya ƙara nasa ya buga waya. Da aka ji shiru, kowa ya sake nema.

Bayan Layya kamiyo, manyan motocin kaya, suka iso a jere. Wannan karon aka ba kowa abin da ya faɗa da bakinsa, har da na maimaici.

"Alhaji, ai biyu nake nufi," in ji Halidu.

"To me ya kai ka cewa huɗu, har sau uku? Ni ma ɗarin nan, hamsin nake nufi. Kwashe kayanka."

Kanti ya cika har rufi, saura kwali huɗu a bakin ƙofa. Sai ga Tabawa, ta nemi sabulu guda ɗaya tak.

"Inna, ɗaya? Ina cinikinmu na kwanaki?"

"Wayyo ɗana, akuyata ce ke cinye mini shi a bakin kogi. Ta ci na mako guda, na ɗaure ta."

"Ko za a kwance ta?"

"Ai mun cinye ta da Layya."

Halidu ya daɗe yana duban kwalayen, sannan ya ɗauke su ya nufi ɗaki a hankali. Balkisa ta miƙe. Ta kama ƙafar gado, shi ma ya kama ɗaya, suka fito da shi tsakar gida.

Tun daga ranar babu ɗan kantin da ya sake neman sabulu, Alhaji ma bai nema ba. Akawu ya buga waya Marsai cewa mutanen Yamai sun daina wanka.