Gwamnati Na Neman Aiki

A gidan nan babu mai kiranta da sunanta. Gwamnati ake ce mata, kuma Auta, ƙanin mijinta, shi ya laƙa mata sunan tun tana amarya, wai don ta kafa dokar cire takalmi a ƙofar falo. Tun daga lokacin ba su taɓa yin magana mai kan gado ba. In ya ce miyarta ba gishiri, ta ce ai ba don shi aka dafa ba, alhali plet ɗinsa na nan a rufe a kan tebur.

To, ga shi yau Gwamnati ce da buƙata a wajen talakanta.

Wani asibiti mai zaman kansa ne ke neman ma'aikaci a ɗakin gwajin jini, aikin da ta sani kamar yunwar cikinta. Ta cike takardu a shafinsu ta tura, shiru kake ji kamar an aiki bawa garinsu. Ta kuma san dalili. Duk wanda ya buɗe takardar tarihin aikinta zai ga rami na shekara biyar, tun ranar da ta ajiye aiki don jinyar surukarta, Mama, wadda ɓarin jikinta ya shanye. Mama ta rasu bara. Gida ya yi mata faɗi, kuma tana tsoron in wannan damar ta wuce ta, ita da farar rigar aiki sai dai a hoto.

Auta kuwa gyaran na'urorin asibiti yake yi, kuma shi ke duba na wannan ɗakin gwajin. Shugabar sashen, wadda ita za ta zaɓi wanda za a ɗauka, ta san shi sarai.

Ta same shi a kicin yana buɗe mata tukunya.

"Auta, magana nake so mu yi."

"Wallahi yanka ɗaya na ɗauka."

"Ba ta nama ba ce. So nake ka haɗa ni da shugabar sashen nan. In kuma zai zame maka nauyi, ka faɗa min, ba zan ji haushi ba."

Ya tsaya da murfi a hannu yana jiran inda wasan zai ɓullo. Da bai ɓullo ba, sai ya mayar da murfin a hankali.

"Ashe Gwamnati ma na neman aiki," in ji shi. "To ji nan. Ba zan haɗa ku kai tsaye ba, sai na fara tambayarta ko ta yarda. Ki rubuto min ɗan bayani a kanki, gajere, wanda zan tura mata yadda yake: ke wace ce, me kika iya, me kike nema wajenta. Kuma ki yi shi daban, kar ki haɗa da zagin da kike min, don matar nan ganin mutuncina take yi."

"Allah sarki, ba ta san ka ba."

Da yamma ta zauna a falo da waya. Abin da ta ɗauka na minti kaɗan ne sai ya gagare ta. An raine ta a kan yabon kai jahilci, yanzu kuma an ce ta yabi kanta, a taƙaice ma. Ta fara da gaisuwa, ta bi da ban haƙuri kan damun da ta yi, ta shiga labarin jinya, tana roƙon a yi mata uzuri ko da hannunta ya yi sanyi. Sai can ƙarshe ta ambaci aikin, shi ma a ɗarare.

Tana turawa ya kira.

"Gwamnati, wannan neman aiki ne ko neman gafara? Matar nan a tsaye take karanta saƙo, tsakanin na'ura da na'ura. Kafin ta kai inda kika iya aiki an kira ta."

"To ƙarya kake so in yi?"

"Ina ƙarya? Shekara nawa kika yi a ɗakin gwaji? Lasisinki da rai?"

"Takwas. Na sabunta shi."

"To shi za ki sa a gaba. Ki cire ban haƙurin nan duka."

"Ramin fa? Ai za ta gani."

"Ki faɗe shi a jimla ɗaya, kar ki durƙusa masa."

Ta kashe wayar tana mita, wai yaron da ta koya wa ɗaurin nakatayi shi ke gyara mata rubutu. Amma ta goge, ta sake:

"Ni ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje ce, na yi shekara takwas a asibitin koyarwa, mafi yawa a gwajin jini da tantance jinin ƙari. Na dakata shekara biyar don jinyar wata ta gida, yanzu na sabunta lasisina, a shirye nake. Na riga na nemi gurbin da kuka tallata, zan so mu yi 'yar gajeriyar magana idan kina da sarari."

Ta karanta ta ji kunya, kamar ta sa kayan aro. Ta rufe ido ta tura, haɗe da takardar tarihin aikinta.

Daga nan Auta ya ɓace. Ba ya zuwa cin abinci, abin da bai taɓa faruwa ba ko da zazzaɓi. Maigida ya ce ta bari ya kira shi ya ji, ta ce a'a, wanda ka roƙa ba ka tsaya masa a ka. Amma a ranta ta gama yanke hukunci: matar ta ƙi, yaron kuma na jin nauyin faɗa mata. Abin ya yi mata ciwo biyu, rashin aikin da kuma saka Auta a tsaka mai wuya.

Wata safiya tana shanya, wayar ta yi ƙara. Imel ne daga Auta, da ita da shugabar sashen a ciki. "Kamar yadda kika amince, ga matar yayana, na bar ku ku ƙarasa." A ƙasa kuma, wataƙila bai lura ba, saƙonsa na farko na nan, wanda ya tura wa matar shi kaɗai. Bayaninta na ciki, bai taɓa ko harafi ba. Sai dai a samansa ya rubuta nasa:

"Gara in faɗa miki tun farko, 'yar gidanmu ce, ki auna maganata da haka. Ban taɓa aiki da ita ba, wannan ke za ki gwada. Abin da na gani da idona shi ne, wata ta gidan da ta ambata mahaifiyata ce. Shekara biyar a kwance, ba ta taɓa yin gyambon kwanciya ba, ba a taɓa tsallake mata magani ba. Mu da ta haifa ba mu iya ba."

Gwamnati ta zauna a kan bokitin wanki. Tun rasuwar babu wanda ya ɗauko zancen, ita ma ba ta jira godiya ba, ko dai haka take gaya wa kanta. Ta yi kukanta mai isarta, ta share da gefen zane. Sannan ta amsa, ta gode wa Auta, ta ce wa shugabar duk lokacin da ya yi mata daidai za ta zo. Kafin ta gama shanya amsa ta shigo: Laraba da safe, ta zo su gana.

Da rana sai ga shi, kamar ba shi ba, ya nufi kicin.

"Na ga abin da ka rubuta," ta ce.

Ya daskare. "Wanne?"

"Na ƙasan."

Ya sosa ƙeya, ya kalli tukunya, ya kalli rufi. "Ai dole in ɗan yi ƙari, in ba haka ba wa zai ɗauke ki?"

Muryarsa ce ta ba da shi, don ta karye a tsakiya. Ta juya masa baya ta ɗauko plet, ta tsamo masa nama har sai da ya rufe abincin.

Sai da ya zauna ya fara ci ta lura ashe da takalminsa ya shigo har tsakiyar falo. Ta buɗe baki, sannan ta bar shi.