Rabin Fangalin Sumana

Tun da sojoji suka karɓi mulki, ma'aikatun gwamnati na unguwar Plateau suka daina ba da aikin talla. Balkisa, mai rubuta wa 'yan kasuwa maganar bidiyo, ta rage da mutum ɗaya: Alhaji Hamisu na Zongo, mai sayar da famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana. In ya tafi, sai ta rufe biro, wato ɗan ofishinta.

Alhaji ya turo mata saƙon murya na wani mai lambu a Gamkalley, Sumana, Bazabarme. Maganar gajera ce: famfo yana jan ruwa daga hantsi zuwa la'asar, ya huta da sayen esansi, wato fetur, amma da kogi ya ja baya sai da ya ƙara tiyo.

Balkisa ta jera maganar yadda mai kallo zai bi: wahalar da, sayen famfo, halin yanzu. Ba ta taɓa kalmominsa ba. Saƙon bai faɗi yadda amfanin ya kasance ba, don haka ta buga wa Sumana waya, ta nemi izinin sa sunansa, ta tambaya.

"Madam, rabin fangali ya ƙone," in ji shi. "Rabin da ya rayu, famfo ne."

Ta rubuta haka, ta karanta masa, ya ce daidai.

Alhaji Hamisu mutum ne da ko ciwon kai ba ya yarda ya yi ƙarami. Ya duba rubutun, ya tsuke baki.

"Ƙonewa a cikin tallata? Sa ya ce ganyen salati ya ninka biyu. Batun tiyo ma, cire."

"Alhaji, bai faɗa ba. Kuma masu lambu sun san ba a yi ruwa ba bana. Wanda ya ji rabi ya rayu zai yarda."

"Ni nake biya, ko Sumana?"

Tsoro ya kama ta sosai, amma ta ce ba za ta sa masa magana a baki ba. Alhaji ya ce Allah ya ba da sa'a, ya karɓe aikinsa.

Ba a jima ba bidiyo ya zagaya wayoyi. Direban Alhaji ne, da malfa, tsaye cikin koren lambun wani, an rubuta "Sumana, Gamkalley" a ƙasa. Salatinsa ya ninka uku.

Balkisa tana kwashe kayan biro Sumana ya kira. Ya ce maƙwabta sun daina amsa masa sallama da kyau, wai ya sayar da sunansa. Wani da ya rasa lambunsa gaba ɗaya ma ya zo neman rance, wai ai ya samu kuɗi.

"Madam, ni na yi miki ƙarya?"

"A'a, Baba."

"To zo ki faɗa ma Gamkalley."

Ta duba, saƙon muryarsa yana nan a wayarta. Ta ja ƙofa, ta tare taksi.