Cinyar Tela a Minti na Tamanin da Uku

Aikina haɗa bidiyo ne. Shagona ɗan ƙarami ne a bayan wani kantin sayar da wayoyi: tebur ɗaya, kwamfuta mai allo biyu, fanka, sai kujerar baƙi mai ƙafa ɗaya gajeriya. Ranar Litinin da safe Kawu ya shigo ya zauna a kanta. Ƙanin mahaifiyata ne, kuma shi ne kocin ƙungiyar unguwarmu, masu shuɗin kaya. Ranar Asabar sun ci masu jan kaya biyu da ɗaya, har yanzu muryarsa ba ta dawo ba.

"Ɗiyata, minti huɗu nake so," in ji shi. "Ƙwallaye ukun nan, kowacce a maimaita ta a hankali, a sa sakamako a saman allo kamar na talabijin. Ta ƙarshen nan ta ɗan'uwanki, a sa sunansa ɓaro-ɓaro. Akwai mai neman 'yan wasa da ya ce in tura masa."

Ɗan'uwan nawa ɗansa ne, ana ce masa Harsashi saboda ƙarfin bugunsa.

"Kawu, ka dawo da la'asar," na ce. "Ka bar min sauran."

Hotuna biyu gare ni. Babbar kyamara ta ɗauka daga tsakiyar fili, sai wata waya da na ɗaure a sanda a bayan raga. Na jera su a layin aiki, ɗaya bisa ɗaya, na nemo busar alƙalin wasa ta dawowa daga hutun rabin lokaci. A zanen sauti, usur yana fitowa da tsini, don haka na ja hoton wayar har tsininsa ya hau kan na kyamarar. Daga nan duk inda na tsayar, su biyun lokaci ɗaya suke nunawa.

Na bi wasan ina sa alama: ƙwallon farko, farkewar jajaye, bugun da ya daki turke, tsalle biyu na golanmu. Na yanka kowanne tun daga inda harin ya faro, don mai kallo ya san daga ina abin ya taso. Na zana ɗan akwati a kusurwar hagu ta sama, SHU 0 – 0 JAN, da minti a gefe. Ƙa'idata ita ce lamba ba ta canzawa sai ƙwallo ta ƙetare layi, kuma idan ana maimaici ina ɗauke akwatin, kada wani ya zaci an sake ci.

Matsalar ta fito a minti na tamanin da uku. An bugo kwana, jajaye suka fitar da kai, ta faɗo gaban Harsashi a bakin da'ira, ya ɗirka mata ƙafa, raga ta motsa. Haka babbar kyamara ta nuna. Don maimaici sai na koma wayar, saboda tana ɗaukar hoto sittin a daƙiƙa, ko an rage mata gudu zuwa rabi ba ta tsalle-tsalle. Ina ragewa na ga ƙwallon ta karkace a hanya. Na koma baya, na riƙa matsawa hoto ɗaya-ɗaya. Bugun Harsashi waje ya nufa, kusan taku guda daga turke. Cinyar mai lamba biyar ce ta mayar da ita ciki.

Mai lamba biyar Tela ne, ɗan bayanmu. Shekararsa goma sha ɗaya a ƙungiyar, shagon ɗinkinsa yana layinmu, kuma ban taɓa jin an ce ya ci ƙwallo ba. A hoton, lokacin da kowa ya ruga ya danne Harsashi, shi yana tsaye yana shafa cinya, sannan ya bi su a guje.

Da la'asar Kawu ya dawo tare da Harsashi. Na kunna masu wurin sau biyu.

"To, ai taɓawa ce kawai," in ji Kawu. "Bugu na yaron nan ne. Alƙalin wasa ma lambarsa ya rubuta."

"Alƙali yana bayansu, Kawu, bai gani ba. Wanda ya taɓa ta ƙarshe a cikinmu shi ya ci."

"Ki cire na wayar, ki maimaita da babbar kyamara."

"Zan iya. Amma mutanen da ke bayan raga ranar nan duk da wayoyi a hannunsu. In mai neman 'yan wasan ya ga nasu bayan ya ga namu, maganarka ce za ta zube, ba tawa kaɗai ba."

Kawu ya gyara zama, kujerar ta karkata. "In Tela ne ya ci, ba satar gida ya yi ba? Kada ki tono mana abin da zai sa jajaye su ɗaga murya."

Na riga na duba wannan. Na tsayar da hoton daidai lokacin da ƙafar Harsashi ta taɓa ƙwallo, na nuna masa golan jajaye a kan layi, da ɗan bayan jajaye da ya maƙale a jikin turke tun bugun kwana. Su biyun sun fi Tela kusa da raga.

"Lafiya lau take," na ce.

Harsashi, wanda tun shigowarsu yake jingine da ƙofa, ya sosa ƙeya. "Baba, gaskiya tun da ta bar ƙafata na san ta kauce. Da na ga an rugo kaina, sai na buɗe hannu."

"Shi ne ka bar ni ina ta kiran mutane a waya?" in ji Kawu.

"Yaya, ki sa sunan Tela," ya ce da ni, bai yarda sun haɗa ido da mahaifinsa ba.

Na ce su ɗan tsaya, akwai abin da ba su gani ba. Na kai su minti na ashirin da shida, wurin ƙwallon farko. A fili kowa wanda ya ci ya kalla. A maimaicin da na haɗa kuwa, na fara daga daƙiƙa takwas kafin nan: Harsashi ya karɓa da ƙirji a tsakiya, ya juya, ya waiga sau ɗaya, ya zura wa wanda ya ci ta tsakanin mutum biyu. Na sa ɗan da'ira a kansa kafin ya karɓa, don ido ya bi shi.

Kawu ya matso da fuskarsa kusa da allo. "Sake min."

Na sake. Sau uku ya kalla.

"Wannan wurin mai neman 'yan wasan zai tsaya a kai," na ce. "Masu ƙarfin bugu sun yi masa yawa."

Kawu ya ce wa Harsashi ya je ya kira Tela. Tela ya shigo da igiyar awo rataye a wuya, yana zaton gyaran riga ne. Na kunna masa. Ƙwallon ta daki cinyarsa, ta shige, lamba ta koma 2 – 1, rubutu ya fito a ƙasa: TELA, 83'.

"Na ji ta a jikina," ya ce a hankali. "Na ga yaro yana murna, na ce a bar masa."

"Shekara goma sha ɗaya muna jiran ƙafarka, ashe a cinya abin yake," in ji Kawu.

Tela ya yi dariya har ya dafa tebur. Ya tambaye ni ko za a iya tura wa matarsa, don ta daɗe tana cewa wankin kaya kawai yake jawo mata duk Asabar.

Na daidaita sautin 'yan kallo a wuraren yanka don kada ya riƙa katsewa, na fitar da bidiyon, minti huɗu da daƙiƙa goma. Kawu ya tura shi a gabana. Bayan kwana bakwai mutumin ya kira, ya ce a kawo masa Harsashi gwaji, amma a tsakiya yake son ganinsa, ba a gaba ba. Harsashi ya yi kwana biyu yana ƙunƙuni a kan haka, ranar Laraba kuma ya ɗauki takalmansa ya tafi.