Tsakiyar Fili

Tun da likita ya hana Dogo jan baka mai nauyi saboda ciwon kafaɗa, kibansa suka daina isa allon da ake harbi. Ba tsawonsa ya jawo masa sunan ba, shi gajere ne; bakansa ne dogo, sanda miƙaƙƙiya da ta ɗara shi tsawo. Ya sassaƙa wani mara nauyi, irin na da sak, amma kibiyar sai ta tashi kamar da gaske, ta gaji a hanya, ta faɗa ciyawa.

Ba rashin maki ke cin ransa ba. A ƙungiyar maharban nan, idan an gama harbi ranar Asabar, tare ake takawa a ciro kibau, kuma a gindin allo ake yin hirar duka: wa ya yi jika, gwiwar wa ta kumbura. Shi kuwa yanzu a tsakiyar fili yake tsayawa, ya duƙa yana laluben ciyawa, su wuce. Dariyarsu kawai ke iso masa. A gida babu kowa sai rediyo, 'yarsa tana aure a nesa. Asabar ɗin nan ce kaɗai ranar da yake jin an kira sunansa.

Wata safiyar Asabar ya shiga ɗakin kayan ƙungiyar, inda mai gyaran bakuna ke murza tsirkiya da kakin zuma. Sa'ansa ne, sun daɗe suna tsokanar juna.

"Ka zo karɓar bakan nan mai ƙahon ne?" in ji mai gyara.

"Allah ya kiyaye. Baka ne wannan ko maratayin riga?"

Mai gyara bai kula shi ba. Ya ɗauko gajeren baka wanda bakinsa biyu suka lanƙwashe gaba, ya maƙala sikeli a tsirkiyar, ya ja har iyakar da Dogo ke ja. Ya yi wa dogon bakan Dogo haka. Allurar sikelin ta tsaya wuri ɗaya.

"To ka gani," in ji Dogo. "Nauyi ɗaya. Ina bambancin?"

"Tsaya, malam, gaggawar me kake?"

Ya sake ja, wannan karon kaɗan kawai. A dogon, allurar da kyar ta motsa. A mai ƙahon, tuni ta yi nisa.

"Naka lallaɓa ka yake a farko, sai can ƙarshe ya yi tauri. Wannan tun daga farko yake karɓar ƙarfinka. Dubi tsirkiyar, kwance take a kan lanƙwasar. Kana ja tana ɗagowa, ƙahon yana buɗewa, bakan ya zama kamar ya ƙara tsawo, sai nauyin ya rage saurin hawa. A ƙarshe kun yi daidai, amma shi ya tara fiye da naka a hanya. Abin da ka zuba shi kibiya ke ɗauka. Ga shi naka hannayensa dogaye ne masu nauyi, wani ƙarfin a jikinsu yake ƙarewa. Bugun da kake ji a tafin hannu ke nan."

Dogo ya dubi tafin hannunsa. Shekara da shekaru yana ƙaunar bugun nan, yana ɗaukarsa gaisuwar baka. Ashe asara ce.

Sai dai akwai abin da sikeli bai sani ba. Ciwon kafaɗar Dogo a farkon ja yake, lokacin da hannu ke miƙe gaba, daidai inda dogon baka ke tausaya masa. Bai faɗa ba. Ya karɓi mai ƙahon yana gunaguni, ya fita.

A layin harbi ya ɗana kibiya ya ja. Zafin ya soke shi har cikin haƙori, idonsa ya kawo ruwa. Ya cije ya wuce wurin, jan ya yi laushi har yatsunsa suka taɓa haɓa. Ya saki. Tsirkiyar ta mari itacen, tas, hannunsa bai ji komai ba. Kibiyar ta tafi a miƙe, ta kafe can gefen allo, wajen da'irar ma.

Ya ɗauko ta biyu, hannun ya ƙi ɗaguwa. Ya mayar da ita kwari, ya tsaya yana kallon sauran suna ta zuba nasu. Ya san lissafin yanzu: ɗaya ce rabonsa a kowane zagaye, wata ran ma ba zai samu ɗayar ba.

Aka busa usur, aka taka. Da suka zo tsakiyar fili ƙafarsa ta rage sauri da kanta, sai da ya tuna ya ci gaba. A gindin allo wani tsohon direban bas yana ba da labarin yadda aka cire masa haƙori, kowa na dariya. Ya juyo ya ga Dogo, ya tsaya.

"A'a, Dogo! Kwana biyu. Tafiya ka yi ne?"

Dogo bai taɓa fashin Asabar ko ɗaya ba. Ya kama kibiyarsa da hannun hagu, ya murɗa ta a hankali.

"Eh," ya ce. "Na ɗan yi tafiya."