Alat a Wayar Baba

Ni na koya wa Baba yadda ake gane alat na ƙarya, wato saƙon bogi na cewa kuɗi sun shigo asusu, kuma rabin karatun kawai na koya masa, saboda a lokacin ni ma rabin na sani. Sai dai in kun ji yadda nake ɗaga murya a ranar, sai ku rantse a banki aka haife ni.

Shekara talatin da ɗaya Baba yana sayar da keken ɗinki a shago ɗaya, a tsakiyar layin teloli. Shagon bai fi ɗakin kwana ba. Kekuna a jere a kan katako, kowanne da ledarsa, kwalaben man keke a taga, ga wani benci da ya lotsa daidai inda yake zama. Duk layin Mai Keke suke ce masa. Tun da Mama ta rasu, shagon nan ne abokin hirarsa. Ko ba ciniki sai ya buɗe, ya goge kekunan ɗaya bayan ɗaya, ya yi musu da maƙwabcinsa mai zare a kan abin da bai shafe su ba.

Karon farko wani saurayi ne ya cuce shi. Ya zaɓi keke ɗaya, ya latsa wayarsa, ya juyo ta yana nuna wa Baba hoto: ga sunan Baba, ga kuɗin, ga koren tambari wai an tura. Baba ya ce ai bai ji wayarsa ta yi ƙara ba. Saurayin ya ce matsalar sabis ce, zai shigo kafin ya kai bakin titi. Har yau bai kai bakin titin ba.

Yayana, babban ɗan Baba, shi ya biya kuɗin keken daga aljihunsa. Amma ya yi magana, kuma Yaya ba ya maimaita magana.

"Baba, kasuwar yanzu ba taku ba ce. Wallahi in aka sake, rufe shagon nan za mu yi mu ba da haya, ka zauna a gida ka huta."

Baba sai murza hularsa yake a gwiwa. Ni kuwa, auta mai bakin tsiya, na tashi na ce ba za a sake ba, ni zan tsaya a kai. Na saka manhajar bankinsa a wayata, tunda tasa ƙarama ce mai madannai. Na zaunar da shi na yi masa darasi kamar yadda nake yi wa 'yan aji uku da nake koyarwa.

"Baba, hoton da ke wayar mutum ba kuɗi ba ne. Ko yaro zai iya haɗa shi. Kada ka ba da kaya sai saƙo ya shigo taka wayar. Taka, ba tasa ba."

"Tawa, ba tasa ba," ya maimaita, yana dariya. "To, Malama, an ji."

Wata biyar abin yana tafiya lafiya lau. Har alfahari yake yi a layin, yana koya wa mai zare. Mutum ya nuna masa hoto sai ya ce, "Hotonka ya yi kyau, ɗana, zauna mu jira nawa."

Ranar da abin ya faru ina cikin aji, yara sittin da wani abu, biyu suna dambe a baya, shugabar makaranta kuma tana tsaye a bakin ƙofa tana jiran takardun jarrabawa. Sai ga kiran Baba. Na ɗauka a gurguje.

"Auta, ga wani bawan Allah zai ɗauki keke uku, har da babban nan mai amfani da wuta. Wai matarsa zai buɗe wa wurin koyar da ɗinki. Ya nuna min hoton ya tura."

"Na ce maka hoto ba komai ba ne, Baba. Saƙo ya shigo wayarka?"

"Yanzun nan ya shigo. Ga shi da sunan banki, a ƙarƙashin na jiya."

"To shi ke nan, ba shi."

Na kashe. Manhajar tana cikin wayar da ke hannuna. Da na buɗe ta, da na ga ko sisi bai shigo ba. Rabin minti ne zai ci min. Na jefa wayar a jaka na je raba dambe.

Sai bayan an tashi, ina cikin mota, na ce bari in leƙa in ga kuɗin Baba in ji daɗi. Na buɗe. Abin da ke ciki da safe shi ne ke ciki. Na ja allon ƙasa ya sake lodawa. Na fita na sake shiga. Na duba jerin shige da fice, na ƙarshe shi ne na wata mata da ta sayi allurai jiya. Na ce wa direba ya sauke ni a nan.

Na samu Baba yana share gurbin da kekunan suka bari, fuskarsa fal murna. Har ya saya wa mai zare lemo.

"Malama ta iso! Yau ɗalibinki ya yi cinikin shekara."

"Ba ni wayarka, Baba."

Saƙon yana nan kuwa, a layi ɗaya da saƙonnin banki na gaske, da sunan bankin a sama. Sai da na karanta shi sau uku na ga inda ya sha bamban. Saƙon gaske yana ƙarewa da ragowar kuɗin da ke asusu. Wannan ma ya rubuta ragowa, amma kuɗin kekunan kawai ya maimaita, kamar dā asusun wayam yake. Wanda ya turo shi bai san abin da Baba yake da shi ba, don haka ya cike da abin da ya sani.

"Lafiya?" in ji Baba.

"Bai shigo ba."

"Ga shi kina gani kuma."

"Saƙo ne ya shigo, Baba. Kuɗi bai shigo ba."

Ya ajiye tsintsiyar a hankali. Ya ce wataƙila sabis ne, ai yakan yi haka. Na ce wataƙila. Mai zare ya leƙo ya ce mutumin da mota ya zo, mai hankali, har ya tsuguna ya gaida Baba, ya taya su ɗaure kekunan da kansa. Lambar motar fa? Wa zai duba lambar motar mutumin da ya biya? Muka kira lambar wayar da ya bari, a kashe.

Washegari da sassafe muka je banki. Wata ma'aikaciya mai tabarau ta duba kwamfuta, ta juyo mana da allon. Babu komai, ba a turo ba, babu ma wanda ya maƙale a hanya. Ta ce saƙon ba daga wurinsu ya fito ba. Akwai hanyar da ɓarayi ke tura saƙo da kowane suna suka ga dama, waya kuma sai ta jera shi tare da na gaske tunda sunan ɗaya ne.

"Baba, hoto da saƙo duk ana ƙirƙirarsu," ta ce. "Abin da ba sa iya taɓawa shi ne asusunka. Ka duba a manhaja, ko ka danna lambar bankin a wayarka ka ga ragowar kuɗinka ta ƙaru. In ba ta ƙaru ba, kaya ba sa fita, ko mutum zai yi kuka."

Ta ce mu kai rahoto wurin 'yan sanda. Muka kai, aka rubuta, aka ce za a neme mu.

Da yamma Yaya ya zo gida. Bai yi faɗa ba, kuma wallahi gara ya yi. Ya zauna a kujerar da ke fuskantar Baba, ni ina tsaye a jikin ƙofa.

"Ba ga Auta da manhaja a wayarta ba? Me ya hana ka kira ta?"

Na buɗe baki. Baba ya riga ni.

"Ban kira kowa ba. Na ga saƙo, na ba da kaya."

"Baba, ai ka..."

"Ke, manya na magana."

Bai taɓa ce min haka ba tun ina yarinya. Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullan shagon, guda uku a zobe ɗaya, ya ajiye a kan tebur. Ba a ma tambaye shi ba.

Na bi Yaya har wurin motarsa ina kuka, na faɗa masa komai: ya kira ni, ni na ce ya bayar, ni na koya masa saƙo ya isa. Na ce in hukunci ne ni za a yi wa, a bar masa shagonsa.

"Auta, kin ga kin ƙara ɓata maganar. Ku biyu ke nan, da mai ilimin da mai shekarun, mutum ɗaya ya wanke ku. Kuma ba ni da abin da zan sake zuba kaya da shi. Ko ina so, babu."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushinsa. Cikin sati biyu aka sayar wa wani dila ragowar kekunan a kan farashin da Baba bai yarda ya ji ba. Wani mai gyaran waya ya karɓi hayar shagon, ya fitar da bencin waje.

Na daina iya haɗa ido da Baba. Ina kai masa abinci, in gaishe shi, in gudu. Shi kuma bai taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa. Ya rame, ya rage magana, rediyo ma sai ya kunna ya manta da shi.

Ran nan da safe, ina shirin fita makaranta, ya kira ni. Yana zaune a bakin gado da tabaransa a hanci, ƙaramar wayar a hannu.

"Zo ki nuna min abin nan da yarinyar banki ta ce. Na dannawa."

"Baba, me za ka yi da shi yanzu?"

"Nuna min dai."

Na zauna kusa da shi. Na faɗa masa lambar, ya danna da babban yatsansa, ɗaya bayan ɗaya. Ya zaɓi duba ragowar kuɗi. Ya saka lambar sirrinsa yana kare ta da tafin hannu, ko ni bai yarda in gani ba. Wayar ta ɗan yi jim, sai ga adadin ya fito a allo. Ya kawo ta kusa da ido ya karanta, leɓɓansa suna motsi.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

"Babu wani abu bayan wannan?"

"Babu."

Ya sake yi shi kaɗai, daga farko har ƙarshe, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Sannan ya cire tabaran ya naɗe.

"Ashe ma zan iya," ya ce. "Tashi ki tafi, kada ki makara."