Awa ɗaya don arba'in ɗin Stamen

Vesela ce mai tsara lokutan aiki a ofishin amsa waya na birnin Plovdiv, inda Jamusawa ke kira idan injin wankinsu ya lalace. Ranar Alhamis Stamen zai cika kwana arba'in da rasuwa. Shekara tara ya yi a kujerar gefen taga, matarsa Ginka kuma har yanzu a nan take aiki. Ma'aikata shida, har da Ginka, suka nemi zuwa kabarinsa ƙarfe sha ɗaya.

Vesela ta duba, ranar hutu ce a kudancin Jamus. Ta yi hasashen kira casa'in a wannan awa, kowanne minti shida. Mutum sha biyun da za su rage sun isa. Ta haɗe wa shidan hutunsu na yini ya zama awa guda.

Penchev, manaja, ya ce, "Idan allon masu jira ya yi ja, ke da bakinki za ki kira su su dawo."

Ran Alhamis ƙarfe goma, lokacin da aka saba cunkoso, wayoyi suka yi tsit. Nan ta gano kuskurenta. A hasashenta ta rage yawan kiran, amma ta raba shi a kan awoyi irin na ranar aiki. Mai hutu ba ya sammako. Sai ya karya, sannan ya tuna da injinsa.

Minti goma da fitar shidan, mutum huɗu na jira a layi. Ƙarfe sha ɗaya da kwata, sun zama tara. Ta lissafa, abin zai kai ɗari da talatin. Aikin mutum sha uku ne ko numfashi ba su yi ba.

"Malamar duba, ga casa'in ɗinki," in ji Penchev. "Kira Ginka."

Vesela ta ɗauki wayarta. Ta san yanzu limamin coci bai kai rabin addu'a a kabarin ba. Ta ajiye, ta juya ga biyu daga cikin waɗanda suka rage.

"Yordan, Tsveta, hutunku na sha ɗaya da rabi ya koma sha biyu da kwata."

"Haba Yaya Vesela, mafitsarata ba ta san Jamusanci ba!" in ji Yordan.

"Koya mata."

Ta zauna a kujera mafi kusa ta sa abin kunne na amsa waya. "Mun zama sha uku, ranka ya daɗe. Sha huɗu nake nema."

Penchev ya dubi allo, mutum sha ɗaya na jira. "Rahoton yau da sunanki zai tafi."

"Ya tafi."

Ya ja kujerar gefen taga, wadda ba a taɓa ba tun rasuwar, ya zauna.

Layin bai ƙare ba, amma ya daina hawa. Sha biyu da minti biyar Ginka ta shigo, takalmanta duk ƙasa, ta ajiye wa Vesela kofin dafaffiyar alkama ta sadaka.

"An yi addu'ar?" Vesela ta tambaya, hannunta a kan abin magana.

"Har ƙarshe," in ji Ginka. Ta tsaya tana kallon wanda ke kujerar mijinta, sannan ta sa abin kunnenta.