Matar da ke bakin katanga

Shekarar da Nijar ta samu 'yancin kai aka yi bikin yayana Bitrus da Lidiya. A lokacin, mu dai a Damagaram ba mu san wani mai hoto ba sai Mutari. Allah ya jiƙansa, mutum ne mai tsabtar aiki da saurin fushi. Akuya ko tallar sabulu ta shiga hotonsa, sai ya ga bayanta.

Lidiya ba ta da kowa a wurin bikin. Tun da ta shiga addininmu mahaifinta ya hana 'yan gidansu zuwa inda take. Muka jeru a ƙofar majami'a, Mutari ya ce kada wanda ya motsa, sai ga wata mata a lulluɓe, da ƙwarya a ka, ta bayanmu.

"Baiwar Allah, wuce mana!" in ji shi. Ya ɗauki hoton, yana tsaki.

Da aka ce hoto ya fito, ni na raka Lidiya shagonsa, don washegari za su tashi zuwa Gidimuni inda aka tura Bitrus aikin allura. Hoto ya yi kyau, mu a tsakiya, gefe duk ya dushe ya zama fari. Mutari ya hau yabon kansa. Ya nuna mana kwalin da ya huda a tsakiya, ya ce shi ya riƙe tsakanin fitila da takarda yana ɗan girgiza shi, haske bai sauka inda matar take ba, ta ɓace ba ko tabo.

"Amma ta ba ni mamaki," ya ce. "Mai wucewa dishi-dishi yake fitowa. Ita kuwa tsaf ta fito, sai ka ce da ita na ce kada a motsa."

Lidiya ta ɗago kai. "Malam Mutari, tana nan har yanzu?"

"A kilishe, wato baƙin fim, tana nan. Takarda na rufe, ban taɓa shi ba."

Ya ɗaga baƙin fim ɗin a hasken taga. Ni ban gane komai ba, fuska baƙa, zane fari. Lidiya kuwa tana ganin tsayuwar matar ta dafe bango.

"Inna ce," ta ce.

Tausayinta ya kama ni. Mutari ya shige ɗakinsa mai duhu. Sai da muka gaji da zama ya fito da sabon hoto, takardar ɗanya. Ya matsar da hudar kwalin, wannan karon mu ya rufe, ango da amarya da fasto duka. Saura mace ɗaya a bakin katanga, ta janye lulluɓi kaɗan, tana kallon gefen da ya zama fari.

Wannan hoton Lidiya ta rataye a Gidimuni har ta tsufa. Baƙi sukan tambaye ta me matar take kallo, sai ta ce, "Ni."